Hanyar da na yanka a ƙirjina

Ina shekara goma sha bakwai gashi ya cika mini ƙirji da ciki, har ina jin akuya za ta iya ɓata a cikinsa. A filin ƙwallonmu na Kibiya ɓangare ɗaya ne ke tuɓe riga, kuma da na tuɓe sai a fara kirana goggon biri.

Ban so in aske shi duka, don sabon tsiro ƙaiƙayi gare shi. Ragewa kawai nake so. Na ari injin askin yayana, na ga wata roba mai haƙora a bakinsa, na ɗauka murfi ne, na cire. Ja ɗaya na yi, hanya ta fito fes daga wuya har cibiya.

Na hau acaɓa zuwa Rano wurin mai aski. Na ɗaga riga na ba shi labari, ya duba, ya ce, “Ƙanena, robar nan ita ke tsayar da tsawon gashi. Wa ya ba ka kwangilar titi?”

“Gyara mini, Malam.”

“Ko in kwashe duka, ko ka jira ya tsiro.”

Na zaɓi jira. Wata guda na yi ina tsaron gida, saboda gola ba ya tuɓe riga.