Waken da ƙanina ya saya

Shekara uku ƙanina bai taka gidana na Sabon Gari ba, ni ma girman kai ya hana ni zuwa wurinsa a Jiratawa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma mu biyu kaɗai muka rage. Shi ya sa ranar da 'yarsa, wadda ke karatu a jami'ar Maraɗi, ta yi sallama a magazana, wato ɗakin ajiyata na hatsi, sai da na miƙe tsaye. Ta ce suna da ƙungiyar ɗalibai masu koyon zuba jari, suna son tsohon ɗan kasuwa ya faɗa musu abin da ke cinye kuɗin sabon shiga. Na amsa tun ba ta rufe baki ba. Laccar ba ta dame ni ba, ƙofar gidan ubanta nake nema.

Abin da ya raba mu wake ne. Wata shekara na ci riba mai kauri, na yi ta cika baki a gabansa, har na ce noman rani wahala ce kawai. Ya bayar da filinsa jingina, ya sayar da injin ban-ruwansa, ya zuba duka a wake. Da abin ya rushe, maimakon in jajanta masa, na ce ai ban aike shi ba.

Ran laccar, lokacin ana ta hayaniyar zaɓe a gari, na tarar da ɗaki cike. Na fara da hankali. Na ce sabon shiga yakan sayi kaya ne bayan ya ji labarin ribar wani, wato bayan farashi ya riga ya hau. Mu da kaka muke saye, wake yana arha, mu jira bazara. Na ce kada su sa kuɗin da za su nema nan da wata biyu, domin mai gaggawa kasuwa ce ke yanke masa farashi. Na ce su raba ƙafa, kuma su lissafa hayar magaza da dako da canji kafin su kira abu riba. Masu sayen wakenmu daga Najeriya suke zuwa. In naira ta faɗi, kuɗinsu ba ya kai sefa da yawa, sai su rage saye, farashi ya bi su ƙasa.

Sai na ga wasu sun fara hamma. Ni kuwa mutum ne mai son a yi dariya in na yi magana, wannan ciwon nawa ne tun ina saurayi. Na ce bari in ba su labarin wani manomi, ba zan faɗi sunansa ba. Na kwatanta yadda ya shigo kasuwar Tibiri wata huɗu bayan girbi, yana taya wake kamar ana rabon sadaka. Na ce ya zuba shi a buhun banza don tsimin kuɗin buhu mai leda ciki, har ƙwari suka yi ta bikin suna a ɗakinsa. Na kwaikwayi tafiyarsa ran da ya ji farashi ya karye, ya kwashe komai ya sayar a firgice. Ɗakin ya kece da dariya, har da masu buga tebur. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan har yau.

Ban faɗi wanda ya zuga manomin ba. Cikin duk darussan, wannan ne ya kamata su ji: kada ka sa dukiyarka a kan bakin wani, ko da yayanka ne. Shi kaɗai na tsallake.

Da aka tashi, 'yar ƙanina ta rako ni bakin ƙofa. Ba ta kalle ni ba.

"Baba, ka san wa ya ce in kiranyo ka?"

Na ce ban sani ba.

"Shi ne, ƙaninka. Ya ce duk Maraɗi babu wanda ya kai ka sanin wake. Tun da sahe ya hawo kabu-kabu daga Jiratawa, ya ce in an gama shi zo ku gaisa. Kunya ta hana shi shiga cikin yara, sai ya tsaya bakin taga."

Na juya na dubi tagar. Babu kowa, sai wani benci.

"Yana ina yanzu?"

"Ya tahi, Baba. Ya tsaya har wurin da ka kwaikwayi tahiyarshi."