Kalmar Sirrin da Baba Ya Bari Ya Tafi Hajji

Ni ce odita ta cikin gida a wani ƙaramin banki a Daura, aikin da ba ya jawo wa mutum farin jini. Duk shekara nakan zauna in bi diddigin yadda muke tsare bayanan jama'a: wa ke da izinin shiga ina a kwamfuta, wa ya buɗe fayil ɗin wa, kuma da wane dalili. Na'urar kan rubuta duk wanda ya shiga, da sunansa da lokaci.

A shekarar da nake magana, wani dillalin shanu daga Zango ya kawo ƙara yana huci. Ɗansa na neman aure, dangin yarinya suka fita bincike kamar yadda aka saba, sai ga shi sun san abin da ke asusun dillalin da gonar da ya jingina. A zamanin da ake ɗauke mutum saboda jin yana da abu, wannan ba wasa ba ne.

Na fito da rajistar shiga. Sau biyar an buɗe fayil ɗinsa ba a yi wata hulɗa ba, duka da sunan Baba. Baba shi ne dattijon teburin karɓar jama'a, shi ya koya mini aiki lokacin da na zo ban san komai ba, saura shekara biyu ya yi ritaya. A ranakun nan biyar kuwa yana Makka, ni da kaina na raka shi har bakin mota.

Wanda na fara tsarewa shi ne mai kula da kwamfutocinmu. Ƙa'ida ce a rufe sunan duk wanda ya tafi hutu a kwamfuta har ya dawo. Ya sosa ƙeya ya ce shi kam ya ji nauyin rufe sunan mutumin da ya tafi ɗakin Allah. Wallahi saura kaɗan in jefe shi da fayil. Na nemi hoton kyamara, ya ce bayan wata guda sabo ke hawa kan tsoho, ga shi an yi wata uku. Kwamfutar teburin kuma mutum uku ne suka yi ta karɓa-karɓa a kanta.

Na sami Baba bayan azahar, na gaishe shi, na ajiye masa takardar.

“Baba, wa ka ba kalmar sirrinka?”

“'Yata, mai tafiya hajji ai ba ya tafiya da kayan mutane. Na sallami kowa, na miƙa makullin durowa, ita ma na miƙa ta. In ban dawo ba fa?”

“In ba ka dawo ba sai a rufe ta! Ba makullin rumbu ba ce, Baba, sa hannunka ce. Wa ka ba?”

“Wannan kuma ba zan faɗa ba. Ban je na roƙi gafara na dawo don in raba wani da abincinsa ba.”

“To naka abincin fa?”

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na nuna masa inda ya sa hannu a kan dokar da ta hana ba wa kowa kalmar sirri. Ya ce ya gane hannunsa. Na kira mutum ukun ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Manaja ya leƙo ofishina ya ce in rubuta “matsalar na'ura” a wuce wurin, ai duk gida ne. Na ce masa rahotona kwamitin bincike na daraktoci yake zuwa, kuma na'urar ita kaɗai ce ta yi aikinta a gidan nan.

Na rubuta komai yadda yake: sunan da ba a rufe ba, kyamarar da ba ta ajiye hoto, kalmar da aka miƙa. Na ba da shawarar a riƙa rufe sunan mai hutu tun ranar tafiyarsa, a ƙara lambar da ke zuwa wayar ma'aikaci kafin ya shiga, shi Baba kuma a tsaya ga yi masa gargaɗi. Kwamitin ya karɓi biyun farko. Mai kula da kwamfuta ya samu takardar jan kunne. Baba suka ba shi mako guda ya faɗi suna, ko ya ajiye aiki, domin dillalin yana jiran ya ga wanda aka hukunta.

A makon nan sau uku ina zuwa gidansa. Matarsa ta daina amsa gaisuwata, shi kuwa sai ya sa a shimfiɗa mini tabarma, ya tambayi lafiyar yara. Na ji haushinsa ƙwarai, har yau ban huce ba, ina kuma kewarsa. Ranar Litinin ya kawo takardar ajiye aiki.

Mutum ukun nan suna nan. Kullum da safe kowannensu sai ya tsaya a ƙofar ofishina ya ce, “Hajiya, an tashi lafiya?” Nakan amsa wa duka ukun, don ban san wanne ne ba.