Mintin Sista da Mintin Dakta

A sashen ƙashi na asibitin, Babbar Sista ake ce mata, ko da yake ba ta kai kafaɗar yawancin waɗanda ke ƙarƙashinta ba. Ta kusa shekara talatin tana aikin jinya, kuma ba allura ko ɗaurin rauni aka fi saninta da su ba. Rubuta lokaci aka san ta da shi. Agogonta maƙale yake a ƙirjin rigar aiki, kai a ƙasa. In ta ba da magani sai ta duba shi, in ta juya majiyyaci sai ta duba shi, in takarda ta yi nisa ta manna filasta a bayan hannu ta rubuta a kai. Maigidanta, direban da ya ajiye aiki, yana gaya wa baƙi cewa ko faɗa suka yi tana iya faɗin ƙarfe nawa ya fara rashin gaskiya.

Tana dab da barin aiki aka ce matakin ƙarshe sai mai digiri. Ta yi musu kallon da take yi wa majiyyacin da ya ce ya sha maganinsa alhali ga ƙwayar a ƙarƙashin matashi, sannan ta koma makaranta. Kundinta a kan gyambon kwanciya ne, ciwon da ke fitowa a bayan wanda ya daɗe kwance ba a juya shi ba.

Idonta ba ya jure ƙananan rubutu, don haka yawancin karatunta da kunne ta yi shi. Akwai wani fodkas, shirin hira da ake saurare ta intanet, inda aka tattauna da wata tsohuwar farfesa a kan wannan ciwo. Ta sauke shi a wayarta, tana ji tana guga, tana ji a motar haya. An koya musu cewa maganar da aka ɗauko daga littafi ana bin ta da lambar shafi, wadda aka ɗauko daga murya ko bidiyo kuwa, tunda ba shafi, ana rubuta minti da daƙiƙar da maganar ta fara. Wannan darasi kaɗai ne a duk karatun ta ji kamar don ita aka yi. Wuri goma sha huɗu ta ambaci shirin, kowanne da sunan mai gabatarwa da shekara da lokaci a cikin baka, na farfesar kuma a cikin jimla.

Mai duba aikinta yaronta ne a da. Ita ta koya masa nemo jijiya yana ɗalibi. Yanzu shi ne Dakta, kuma in bai sa hannu a kundin zuwa Juma'a ba, sai baɗi za ta kare shi, lokacin da takardar ritayarta ta riga ta fito.

Ranar Laraba ya kira ta ofis. Ya ba ta kujera, ya tambayi lafiyar Baba, maigidanta, ya tambayi ƙafarta, ya sake tambayar Baba.

"Dakta, Baba yana lafiya tun tambayar farko. Me ya faru?"

"Mama, wannan maganar ta babi na biyu, inda farfesa ta ce katifa mai tsada ba ta maye gurbin hannun da ke juya majiyyaci. Kin rubuta 31:12."

"Haka ne."

Ya juyo mata da kwamfutarsa, ya ja layin lokaci zuwa wurin. Sai ga wani mutum cike da fara'a yana tallar katifa, yana alkawarin barci mai daɗi da rangwame.

"Na gwada wurare biyar," in ji shi, idonsa a kan tebur. "Ko ɗaya bai faɗa daidai ba. Ni na san ki. Mai jarrabawa daga waje bai san ki ba. In ya danna ya ji wannan, cewa zai yi ƙirƙira kika yi."

Ta ciro wayarta, ta sa tabarau, ta kai yatsa 31:12. Muryar farfesa ta fito, kalma bayan kalma kamar yadda ke cikin kundin.

Suka zauna suna kallon na'urorin biyu. Shiri ɗaya, kashi ɗaya, take ɗaya. Can Dakta ya matso da wayar kusa da kwamfutar.

"Duba tsawonsu. Naki minti hamsin da biyu ne. Nawa ya haura hamsin da huɗu."

"Wa ya ƙara maka?"

"Masu talla. Yawancin irin waɗannan shirye-shiryen, ba a naɗe tallar tare da hirar. Lokacin da mutum ya buɗe ko ya sauke ake cusa masa ita a ciki. Ke kin sauke tun watannin baya, aka ba ki naki rabon. Ni na buɗe yau, aka ba ni mai katifa. Duk abin da ya biyo bayan talla sai ya matsa."

"Ashe ban yi kuskure ba."

"Ba ki yi ba. Amma wayarki kaɗai ce shaidarki, kuma ba za mu ɗinke ta a bayan kundin ba."

Suka bincika shafin masu shirin, suka tarar an sa hirar nan a bidiyo ma. A can talla tana katse kallo ne daga waje, in ta wuce lokaci ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai bidiyon yana da tasa gabatarwar, lissafinsa daban, ba yadda za a yi a ƙara daƙiƙa kaza a kan kowanne a huta. Dole ta sake bin goma sha huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta kuma canza bayanin da ke cikin manazarta ya nuna bidiyon: tashar da ta ɗora shi, ranar da aka ɗora, da adireshinsa.

Alhamis da la'asar ta shimfiɗa kundin a teburin falo. Maigidan aka ba aikin tsayar da bidiyon.

"Tsaya."

"Na tsaya."

"Ka wuce. Koma baya kaɗan."

"Shekara nawa ina tuƙi, ba wanda ya taɓa cewa birkina ya makara sai ke."

"Fasinjojinka ba su da agogo. Koma."

Ya koma. Ya ce wannan farfesa ta fi surukarsa zama a gidan, kuma ita ma ba ta taɓa tambayar lafiyarsa ba. Wajen na tara ya daina ƙorafi, ya fara cewa maganar matar da gaskiya a ciki. Maganar katifa ta koma 29:47.

Juma'a da safe Dakta ya gwada na farko, ya faɗa daidai. Ya gwada na biyu, haka. Ya ɗauki biro.

Sista ta ɗora tafin hannunta a kan shafin sa hannu.

"Saura sha biyu."

"Mama, na yarda."

"Ranar Laraba ma ka ce ka san ni, amma sai da ka gwada biyar. Yau ka gwada duka."

"Ɗalibai na jirana a waje."

"Su jira. Yara ne, ba ritaya za su yi ba."

Ya ajiye biron. Ita tana karanto lambar, shi yana ja, farfesa tana faɗin abin da aka ce ta faɗa. Sau biyu wani ya leƙo ya koma. Da suka kai na sha huɗu ta ɗage hannunta, ya sa hannu, ya miƙo mata kundin. Ta duba shafin ta mayar masa, don ya manta kwanan wata.