Alkama ko Tafarnuwa

Shekarar da na dawo Makka daga karatu a Alƙahira, kaina ba ya shiga hula. Na ɗan lashi Ibrananci da Suryananci, 'yan uwan Larabci, ina ganin duk unguwarmu ta Utaibiyya babu kamata.

Surukina malami ne, mutumin Kano, ya yi shekara talatin yana tafsiri a nan. Lokacin yana rubuta fassarar sura ta biyu da ajami, wani alhaji zai tafi da ita gida a buga, jirginsa saura kwana uku. Malam ya ba ni in duba. Na zo inda Bani Isra'ila suka gaji da abincin sama suka roƙi kayan lambu, har da waken adas da albasa. A tsakiyarsu akwai "fum", kalmar da sau ɗaya tak ta zo a Littafin Allah, babu wata aya da za a gwada ta da ita. Malam ya rubuta alkama.

Ni kuwa tafarnuwa na gani. Larabawa suna kiranta "thum", Ibrananci "shum", Suryananci "tuma". Amma wa zai ce wa surukinsa ya yi kuskure? Ko idonsa ba na iya kallo. Sai na aika matata, 'yarsa.

Ta dawo tana dariya. "Baba ya ce ka nuna masa tafarnuwa tsohuwar kalma ce a gidan harsunan nan duka. Bai ga inda ka nuna ita ce fum ba."

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Na sake aika ta: Larabawa kan sauya sautin "th" da "f" a wasu kalmomi, kuma cikin magabata akwai masu cewa tafarnuwa. Ya aiko cewa masu alkama ma magabata ne. Kwana biyu tana safa da marwa tsakanin ɗakina da zaurensa, har ta gaji.

"Wallahi Baba," na jiyo ta, "ni dai ban taɓa aike a sayo albasa na haɗa da alkama ba. Da tafarnuwa take tafiya. Khalas, ku ƙarata!"

Ranar tafiyar alhaji, Malam ya kira ni da kansa. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ya turo takardar. Ya kankare alkama ya sa tafarnuwa, sannan a gefe, da ƙaramin rubutu, ya mayar da alkama.

"Harsunanka shaidu ne, Malam ƙarami, ba alƙalai ba. Na karɓi shaidarsu."

"Allah ya gafarta Malam, to ta gefen fa?"

Ya ɗora yatsa a kanta.

"Haka malamina ya biya mini a Kano. Ko kabarinsa ban samu gani ba. Ba zan fitar da shi daga shafin ba."