Wata Biyu da Suka Hana Shi Katin Zaɓe

Ko ƙasa ta rufe mini ido ba na jin zan manta da wani saurayi da na hana katin zaɓe a wani ƙauye bayan Karakkai, shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki. Ina koyarwa a Gusau lokacin, aka ɗebe mu malamai aikin rajistar masu zaɓe, ni aka jefa ni ƙasar Bunguɗu. Kuma in faɗi gaskiya, ina cikin masu cewa shekara sha takwas ɗin da aka sa don fara zaɓe ma an yi sauri. Na wuni da 'yan sakandare shekara da shekaru, wanda bai iya riƙe biro mako guda ba shi za a ba zaɓen shugaba?

Aikin ba wuya. Mutum ya zo, ka rubuta suna, shekaru, sana'a da unguwa, ya dangwala yatsa, ka yage masa katinsa. Shekarun ne matsala, don kusan ba mai takardar haihuwa. Sai mu duba fuska, in mun yi shakka mu waiwayi mai unguwa da ke zaune gefe, shi kuwa bai taɓa cewa wani bai kai ba. Yara nawa na ba kati a haka, Allah kaɗai Ya sani.

Rana ta huɗu saurayin ya zo, dogo, hannunsa duk kanta. Ban ko ɗaga kai ba na fara rubuta sha tara. Sai ya ce a'a, sha bakwai ne da wata goma. Marigayi mahaifinsa ya rubuta ranar a wata takarda cikin gafakarsa, ga ta ma ya zo da ita, don ya ji a rediyo an ce mai shaida ya kawo.

Na ajiye biro. Mai unguwa ya matso yana mini bayani cewa tun rasuwar uban, damina uku ke nan, yaron ke riƙe da gandu, shi ke ci da gidan, shi ne kuma ke tara samari gayya. Ya ce in rubuta sha takwas kawai, wa zai bincika? Ni ma na rage murya na ce wa saurayin ya mai da takardar aljihu, ban gani ba.

"Malam, in da ƙarya zan shiga, mi zan ce wa wanda na zaɓa ran da ya yi min ƙarya?"

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Nan gardama ta ɓarke a gindin bishiyar da muke aikin. Wasu suka ce wanda azumi ya hau kansa, ya ɗauki nauyin gida, ai ya wuce a kira shi yaro. Wani tsoho, ƙanen kakan saurayin, ya ce sam, samari da ƙwallo ɗaya ɗan siyasa ke saye su, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na yi musu bayani cewa ba ni na yanka ba, ba kuma hukumar zaɓe ba. Tsarin mulki ne ya ce sha takwas, dā ma ashirin da ɗaya ne, sai gab da mulkin farar hula na biyu aka rage. Na kuma gaya wa saurayin abin da ya fi ciwo: in aka rufe rajista, ko ya cika sha takwas kafin a gama zaɓuɓɓukan, ba kati ba ƙuri'a, sai an sake buɗe wata. Sai ya tambaye ni inda ake zuwa a ce a sake ragewa, tunda mutane ne suka rage ta farko. Don in sallame shi na ce ana shirin jin ra'ayin jama'a kan sabon tsarin mulki, ya saurari rediyo.

Bayan 'yan makonni aka yi wani zama a Gusau don tattara ra'ayoyin da za a aika. Na je kallo. Ina shiga na hango shi a kujerar baya, ƙafarsa duk jar ƙasa, ashe a keke ya zo. Manya suka yi ta magana kan rabon arziki da ƙananan hukumomi, sai can aka ba shi dama, mutane suna murmushi. Ya ce a mai da shekarun sha shida. Ya ce kansila ne ke da baki a rabon taki da gyaran hanyar da suke fitar da hatsi, shi ke noman, shi ke bin hanyar, amma ba a tambayarsa.

Wata shugabar makaranta daga Tsafe, Kirista ce 'yar kudu da ta daɗe a can, ta miƙe ta ce ita 'yan sha shida take renon su, kuma mafi yawansu abin da uba ko malami ya ce za su dangwala, ka ga an ba mai gida ƙuri'a biyu ke nan. Maganarta gaskiya ce, ni ma ita ce a bakina. Na zaci zai fusata. Sai ya ce Inna ta yi gaskiya, akwai irinsu, amma a garinsu ya san masu furfura da ke jiran a faɗa musu, kuma ba wanda ya ce a karɓe katinsu. Ya ce in tsoron rashin sani ne, a koyar da kowa, babba da yaro. Matar ta daɗe tana kallonsa, ta ce ba ta sauya ra'ayi ba, amma a rubuta nasa kusa da nata.

Ba a rage ba, har yau sha takwas ce. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi aka sake tura ni rumfar garin. Da safe muka tantance masu kati, saurayin ya yi ta kawo tsofaffi a amalanke, shi kuma ya koma bayan igiya ya tsaya. Da aka fara jefawa, sai tsohon nan da ya fi kowa sukar samari ya fita daga layi, ya nufe shi da katinsa a hannu. Ina kusa, na ji komai. Ya ce ya ji labarin Gusau, ya kuma yi tunani, shi ya kusa gangarawa, saurayin ne zai zauna da wanda aka zaɓa. Don haka ya ce saurayin ya faɗa masa alamar da zai dangwala wa, ya ba shi ƙuri'ar.

Idon saurayin ya kawo ruwa, na gani. Abin da ya taka keke har Gusau saboda shi ga shi an miƙo masa.

"Baba, taka ce, ka ba wanda ranka ya kwanta da shi. Tawa nika biɗa, ba ta aro ba."

Tsohon ya koma layi yana goge fuska da bakin rawani. Saurayin ya tsaya har muka ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, sannan ya kwashi tsofaffinsa. Sai da ya jira shekara huɗu kafin ya dangwala tasa ta farko.

Har yanzu in ana gardamar a rage ko a bari, ban iya rantsewa wane ne daidai, dole dai doka ta ja layi a wani wuri. Amma na daina auna hankalin mutum da shekarunsa. Na raba katuna masu yawa a garin nan, kuma wanda ya fi kowa sanin darajar ƙuri'a shi ne na hana.