Rantsuwar Alhaji da Fanshon Baba

A shekarun da Diffa ta cika da 'yan gudun hijira, ina tuƙa tankin ruwa a kamfanin wani Alhaji ɗan Damagaram. Kwangila ya samu ta kai ruwa da kaya sansanoni, har Sayam. Bakaniken garejinmu wani dattijo ne Babarbare, kowa Baba yake ce masa. Gonar tattasansa a bakin kogin Komadugu take, kuma tun da aka tashi ƙauyensu bai sake taka ta ba. Ba abin da ya rage masa sai fansho.

Albashi a hannu Alhaji yake biya, ba takarda. Ya miƙo maka, ya ce, "An cire na kes," wato asusun fansho. Kowannenmu yana da katin kes mai lamba, mu kuwa a shirmenmu mun ɗauka mai kati ya gama da tsufa.

Da shekarun Baba suka kai, na raka shi ofishin kes, don faransancinsa bai wuce sunayen sassan mota ba. Matar da ke kan tebur ta buga lambarsa, ta daɗe tana kallon na'ura.

"Baba, watanninka ba su kai na fansho ba. An yi maka rajista, an zuba na farko-farko, daga nan shiru."

"Amma ana cirewa, 'yata. Ga kati."

"Kati rajista kawai yake nunawa. Wajibin mai kamfani ne ya cire kasonka, ya ɗora nasa, ya kawo mana duka da sunanka a kan lokaci. Idan bai kawo ba, ku shigar da ƙorafi a nan, ku kuma je wurin sufeton aiki. Za mu tura mai bincike, mu ba shi wa'adi a rubuce, da tara. In ya ƙi, sai kotu. Ku yi tun kamfanin yana da abin kamawa."

Na ce ta duba tawa lambar. Duk kanwar ja ce.

Raina ya ɓaci. A garejin na ce gobe mu ɗunguma wurin sufeto. Sai aka yi mini ca. Wai mutumin da ya yi wa wannan sadaki, ya yanka wa wancan ragon suna, shi za a kai wa hukuma? A wurinmu magana irin wannan manya ake kai wa. Baba da kansa ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kar ka kunyata ni. Na ci abincinsa."

Aka zauna a zauren wani babban ɗan kasuwa, ɗan garinsu Alhaji. Alhaji bai yi musu ba. Ya ce waɗanda suka ba shi kwangilar ne suke jinkirta biya, ga tsadar mai, shi ya sa ya ɗan juya kuɗin. Ya rantse da zarar an biya shi zai cike. Aka shafa fatiha, ya aika wa Baba buhun gero. Har yau in na tuna yadda muka yi masa godiya, takaici ne yake kama ni. Kuɗinmu ya ci, mu muka durƙusa.

Damina ta wuce, aka ci gaba da cire na kes. Wata safiya muka ga ana fita da tankoki biyu, an sayar. Sai a lokacin aka yarda da maganata, muka shigar da ƙorafi a kes, muka wuce wurin sufeto. Sufeto ya karɓe mu da kyau, ya tambayi takardun albashi, mu kuwa ko ɗaya ba mu da ita. Dole muka koma neman shaidu da tsofaffin takardun fita da mota, don a tabbatar da shekarun aikin kowa. Sufeton ya kira Alhaji sulhu, bai zo ba. Lokacin da wa'adin kes ya iso, kwangila ta ƙare, garejin da kwaɗo, Alhaji an ce yana ƙetare. Magana ta tafi kotu, tana can har yanzu.

Ni na sami wata motar, kuma tun daga nan ba na karɓar albashi ba takarda, ina kuma leƙa kes in ga ko an zuba. Ina da sauran ƙarfi. Baba ba shi da shi.

Bara na gan shi a Shetimari, a lambun wani, yana tsinkar tattasai cikin mata da 'yan ƙwadago. Idonsa ya yi rauni, sai da na yi magana ya gane ni. Ya tambayi labarin kotu, na ce ana nan ana jira. Ya gyaɗa kai, ya ja ni gefe.

"In ka je gidana gaishe da matata, kar ka ce ka gan ni a nan. Na gaya mata gareji nake zuwa taimaka wa yara. Abin da na tara nan nake kai mata ƙarshen wata, in ce fansho ne ya fito."