Mai Muryar Akuya

Shekarun da kuɗin fetur suka sa kowa sayen rakoda, ƙungiyarmu ta dillalan shanu a Jibiya ma ta sayi tata. Ni aka naɗa sakatare don na yi makaranta, kuma ina ji da muƙamin nan ba kaɗan ba.

Ran wata Lahadi bayan kasuwa aka yi taro da fatake daga Maraɗi. Na ajiye rakodar a gabana, hankalina duk yana kan zaren kaset kada ya ƙare ban juya ba. Talata da hantsi na zauna a tsakar gida in mayar da surutun rubutu.

Surutu kuwa! Rabin fuskar farko gaisuwa ce da labarin wani bajimi da ya taɓa korar ɗan kwastan. Na yi ta mayar da zare baya, ina tsintar magana kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Mahalarta ba su ba ni wuya ba, kowa ya faɗi sunansa da farko. Shawara ɗaya aka yanke: za a shigo da garke ran Alhamis, amma sai likitan dabbobi ya duba su a kan iyaka, in ba haka ba su yini a rana su rasa kasuwar Lahadi. Na ja layi uku: aiki, mai yi, wa'adi. Aiki, a kai wa likita takarda Katsina. Wa'adi, Talata kafin a tashi ofis, wato yau.

Mai yi fa? Shugaba cewa kawai ya yi, "Kai za ka tahi." Rakoda ba ta ɗaukar nuni da yatsa. Sai wata siririyar murya ta amsa, "To, Alhaji."

Na sake ji har sau shida, ban gane mai ita ba. Raina ya ɓaci. Na ce wa matata, da ke tankaɗe, "Ji min wani sakarai mai muryar akuya! Ya amshi aiki, ni kau na san bai tahi ba."

Ta ajiye rariya. "Sake sa shi, Malam."

Na sa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wanga ai kai na! Haka kake ce mani 'to' in ba ka ji abin da na ce ba."

Kunya ta rufe ni. Ban taɓa jin muryata a kaset ba, ga shi na amsa ne idona na kan zare.

Na rubuta sunana a layin tsakiya, na sa hula, na ruga tasha. Na iske magatakardan likita yana rufe taga, na miƙa takardar ina haki.

Ran Alhamis shanu suka ƙetaro. A taro na gaba na karanta rahoto, shugaba ya ce bai taɓa ganin mai riƙe alkawari kamata ba. Na ce, "To, Alhaji," na kuwa ji akuyar da kunnena.